Ɗan Gudu Da Azumi: Yaushe Zai Fita, Me Zai Ci, Ruwa Nawa Zai Sha?

Duk shekara, da zarar an ga watan Ramadan, masu atisayen gudu a garuruwanmu sukan rabu gida biyu. Wasu su rataye takalmi sai bayan Salla, su dawo a watan Shawwal suna haki a kilomita na biyu kamar ba su taɓa gudu ba. Wasu kuma su ƙi rage komai, su ci gaba da fita bayan sallar Asuba yadda suka saba, kafin sati biyu ka ga mutum ya rame, ido ya faɗa, yana kukan ciwon kai tun daga hantsi. Duka biyun asara suke yi, kuma asarar da za a iya kauce mata. Abin da nake so in kafa a nan shi ne, tambayar farko da ɗan gudu mai azumi zai yi wa kansa kafin ya ɗaura takalmi ita ce: idan na gama gudun nan, awa nawa ne tsakanina da ruwa? Lokacin fita da tsawon gudu da abin da za a ci cikin dare, duk daga amsar wannan tambaya suke fitowa.

Dalili kuwa shi ne, cikin abubuwa biyu da mai azumi ya bari, ruwa ne ya fi gaggawar taɓa ɗan gudu. Jiki yana da rumbun makamashi. Akwai sukarin da yake ajiyewa a hanta, kimanin giram 100, akwai wanda yake ajiyewa a tsokoki, giram 300 zuwa 500 gwargwadon girman mutum da horonsa, sannan ga kitse, wanda ko siririn mutum yana ɗauke da abin da zai kai shi kwanaki. Na hanta shi ne ke raguwa a tsawon yini domin shi ke ciyar da jini da ƙwaƙwalwa. Na tsoka kuwa yana nan kusan yadda yake matuƙar mutum bai yi aikin ƙarfi ba, shi ya sa mai azumi zai iya yin sassarfa da yamma ba tare da ƙafarsa ta gaza ba. Ruwa ba shi da irin wannan rumbu. Abin da ya fita ta gumi da fitsari da numfashi ya fita ke nan sai an sha wani. Da zarar mutum ya rasa ruwan da ya kai kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, jini yakan ɗan yi kauri, zuciya ta ƙara bugu don ta yi aikin da ta saba yi cikin sauƙi, zafin jiki ya fi saurin hawa, gudun da yake jin daɗinsa jiya ya zame masa wahala.

A ƙasarmu wannan magana ta fi nauyi saboda lokacin da azumi ke faɗowa a shekarun nan. A 2023 an fara shi ran 23 ga Maris, a 2024 ran 11 ga Maris, a 2025 ran 1 ga Maris, yana ja baya da kwana goma zuwa sha biyu duk shekara. Wato ya ratsa tsakiyar bazara, yanzu kuma yana gangarawa wajen ƙarshen hunturu. A Kano ko Sakkwato ko Damagaram, zafin rana a Maris da Afrilu yakan kai digiri 38 zuwa 40, wani lokaci ya wuce, kuma iskar a bushe take. Bushewar nan tana yaudarar mutane ƙwarai. A Legas gumi yakan jiƙa riga har mutum ya gani da idonsa, amma a nan yana fitowa iska tana shanye shi, sai ɗan gudu ya dawo gida da riga kusan a bushe ya ce ai yau bai yi gumi ba. Ya yi. Ya duba farin gishirin da ya kwanta a wuyan rigarsa da gefen fuskarsa. Mai gudu cikin zafi yakan zubar da lita ɗaya zuwa biyu a awa guda, kuma ko da azumi ya shiga cikin sanyin hunturu, busasshiyar iska za ta ci gaba da jan ruwa ta hanci da baki.

Domin maganar ta zauna, mu ɗauki misalin wani matashi a Kano mai nauyin kilo 60. Kafin azumi yana yin kilomita 50 a sati cikin fita biyar, biyu daga ciki masu zafi, kuma yana da burin shiga tseren kilomita 10 bayan Salla, irin wanda ake yi a Okpekpe ta jihar Edo cikin watan Mayu. A tsakiyar Maris alfijir yakan keto a Kano wajen ƙarfe biyar da ɗan wani abu, rana ta faɗi wajen bakwai saura minti ashirin. Yana da awa goma sha uku da ɗoriya na kame baki, da awa goma da rabi na ci da sha, waɗanda a cikinsu ne kuma zai yi asham, ya yi barci, ya tashi sahur. Kayan aikin da ya fi buƙata shi ne sikeli, irin na tsayawa a kai. A ce ya hau bayan sahur ya ga kilo 60. Da ƙarfe shida saura kwata na yamma, bai yi gudu ba tukuna, ya ga 58.8. Ya fita sassarfar minti 40, ya dawo ya goge jiki ya hau, ya ga 58. Kilo ɗaya da aka rasa cikin ɗan lokaci kusan lita ɗaya ce ta ruwa. Ke nan yinin kansa ya ci masa sama da lita, gudun ya ƙara cin kusan wata, jimla kilo 2, abin da ya haura kashi 3 cikin 100 na nauyinsa. Wannan adadi ne mai yawa, amma abin da ya sa jiki zai iya ɗaukarsa shi ne minti kaɗan suka rage a kira sallar Magariba.

To, a juya lissafin, a mai da gudun bayan sallar Asuba. Gari da sanyi, tituna ba cunkoso, ciki da abinci, jiki da ƙarfi, gudun zai yi daɗi fiye da na kowane lokaci. Amma ƙarfe bakwai na safe zai shiga yini da giɓin fiye da rabin lita, kuma ya ƙone wani kaso na sahur ɗin da ya ci don ya riƙe shi zuwa yamma. Daga nan yana da kusan awa goma sha biyu a kasuwa ko makaranta ko wurin aiki, zafi yana ƙara cin ruwan da ya rage, tsokar da ta sha aiki kuma tana jiran abincin gyara da ba zai zo ba sai dare. A ganina wannan shi ne mafi munin lokaci ga wanda ke zaune a garuruwa masu zafi, duk da cewa shi mutane suka fi zaɓa saboda sabo. Mai zama a Jos ko Pankshin, inda tudu ya sanyaya gari, ko wanda zai yini a inuwa ba aiki, zai iya ɗaukar sassarfar minti 20 zuwa 30. Gudu mai zafi kuwa bayan Asuba, ban ga wanda zan ba shawarar ya yi shi ba.

Gudun gab da shan ruwa yana da wurinsa, amma da sharaɗi. Ya zama mai sauƙi, irin wanda mutum zai iya magana da abokin tafiyarsa ba tare da numfashi ya yanke masa ba. Ya tsaya tsakanin minti 30 zuwa 45, kuma a lissafa shi ya ƙare minti biyar ko goma kafin kiran salla. Mutum ya zagaya kusa da gida ko cikin fili, kada ya miƙe hanya mai nisa inda jiri zai iya kama shi ba mai ganinsa. Akwai kuma wani haɗari da ba na jiki ba: a wannan rabin awar ne masu mota da babur da Adaidaita Sahu ke rige-rigen isa gida kafin a sha ruwa, kowa da ƙishirwa da gajen haƙuri. Filin makaranta ko filin ƙwallon unguwa ya fi bakin titi aminci nesa ba kusa ba. Ranar da kuma ya hau sikeli kafin fita ya ga yinin kaɗai ya riga ya ci masa kilo ɗaya da rabi, ko yana jin kansa yana sarawa, ranar ba ta gudu ba ce.

Gudu mai zafi, wato na tsere da agogo, gidansa dare ne bayan an sha ruwa. Sai dai a nan ma akwai tarko, kuma tarkon yana kan tabarmar buɗa-baki. Matashinmu ba zai iya zama ya ci ƙosai goma da soyayyen dankali da doya da ƙwai, ya kora da lemon kwalba mai sanyi, sannan ya sa ran yin gudu bayan awa biyu ba. Mai da soye-soye sukan daɗe a ciki, awa uku zuwa huɗu, kuma idan aka yi gudu a kansu jini yakan rabu tsakanin hanji da ƙafa, sai ciwon gefen ciki da ƙwarnafi da tashin zuciya. A daren da zai yi gudu mai zafi, buɗa-bakinsa ya zama dabino uku, ruwan leda ɗaya a sha a hankali, sannan bayan sallar Magariba kofin kunun gyada ko koko da ayaba ɗaya da yankan kankana. Kafin Isha'i ya ƙara ruwan leda ɗaya. Asham da kanta ta ba cikinsa lokacin da yake buƙata. Wajen ƙarfe tara ya fita: sassarfar ɗumama jiki minti 15, sai gudun mita 800 sau biyar da saurin da yake so ya yi tseren kilomita 10 da shi ko sama da haka kaɗan, yana hutun minti biyu na tafiya a tsakani yana kurɓar ruwa, sai sassarfar sauka minti 10. Kafin ƙarfe goma ya gama, cikin rabin awa kuma ya zauna ga babban abincinsa.

Wasu sun fi son su fita tun kafin sahur, wajen ƙarfe uku da rabi, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Lokacin ne gari ya fi sanyi, abincin dare ya narke, ana iya sha a kan hanya, ana dawowa kuma ga sahur. Matsalarsa biyu ce. Yana yanke barci a tsakiya, sannan abin da ya rage tsakanin gama gudu da ketowar alfijir bai fi awa ɗaya ba, wanda bai isa a mayar da ruwan da aka rasa ba. Ina ganin ya dace da dogon gudun sati, a ranar da mutum ba shi da aiki kuma zai iya komawa barci bayan Asuba, muddin bai wuce awa ɗaya da kwata ba kuma yana sha a kan hanya. Duk gudun dare kuma, na tara ne ko na uku, a yi shi da abokin tafiya, a wurin da aka san ramukansa, da riga mai haske da tocila, kuma a unguwar da 'yan sintiri suka san fuskar mutum.

Yanzu sai batun sha, inda nake ganin an fi tafka kuskure. Ƙa'idar da masu horar da 'yan wasa ke aiki da ita ita ce a mayar da abin da aka rasa har da ƙarin kusan rabinsa, domin wani kaso na abin da aka sha zai fita ta fitsari kafin ya zauna a jiki. Matashinmu da ya rasa kilo 2 yana buƙatar kimanin lita 3 kafin alfijir, wato ruwan leda shida tunda kowace leda rabin lita ce. A daren gudu mai zafi bai yi sassarfar yamma ba, yinin ya ci masa kilo 1.2, gudun dare ya ci wata lita guda, lissafin ya kai lita uku da ɗan ƙari. Kunu da fura da romo da kankana duk suna cikin lissafin. Abin da ke da muhimmanci shi ne yadda aka rarraba. Wanda ya manta da ruwa dukan dare, sannan ya tashi minti goma kafin kiran Assalatu ya ɗaɗɗaki lita ɗaya da rabi, bai yi wa kansa tanadi ba. Ƙoda tana ganin ruwa ya yi yawa a jini sai ta buɗe hanya, kafin ƙarfe takwas na safe ya fitar da mafi yawansa. Jikin mutum ba randa ba ce da za a cika da asuba a yi ta ɗiba har yamma. Tsarin da ke aiki shi ne leda ɗaya a buɗa-baki, ɗaya tsakanin Magariba da Isha'i, ɗaya a lokacin gudu ko bayan asham, ɗaya da abincin dare, ɗaya kafin kwanciya, ɗaya ko ɗaya da rabi a sahur ana kurɓa tare da abinci daga farkonsa zuwa ƙarshensa.

Gishiri shi ke riƙe ruwan a jiki, kuma shi ma yana fita cikin gumi. Ga yawancin mutane gishirin da ke cikin miya da romo ya wadatar, shi ya sa sha tare da abinci ya fi sha a kan wofin ciki amfani. Amma wanda yake ganin farin gishiri a rigarsa kullum, ko ƙafarsa ke ɗaurewa cikin dare, zai amfana da haɗin gishiri da sukari da iyayenmu mata suka sani don yara masu gudawa: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Rabin lita na wannan bayan gudu mai zafi ya isa. Mai hawan jini kada ya ƙara gishiri sai da izinin likitansa. Kuma kada tsoron ƙishirwa ya sa mutum ya wuce gona da iri, domin ɗura lita biyar ko shida na zallan ruwa cikin awanni kaɗan yana iya tsinka gishirin jini, ya kawo ciwon kai da amai da ruɗewa. Alƙalin da ba ya kuskure shi ne sikeli da fitsari. Idan mutum ya tashi sahur fitsarinsa ya yi fari-fari da ɗan rawaya, nauyinsa kuma ya dawo kusa da na jiya, daren ya biya bashin yini. Idan fitsarin ya yi duhu tun kafin a fara azumin ranar, kuma nauyi yana sauka kwana uku a jere, ana shiga kowace rana da bashin ta jiya, sai a rage gudu a ƙara sha.

Shayi da kofi da goro ba haramun ba ne ga ɗan gudu, kuma ga wanda ya saba da su ba sa busar da jiki yadda ake zuzutawa. Laifinsu a wannan wata shi ne hana barci. Shayi mai kauri a majalisa ƙarfe sha ɗaya na dare yana cin awa guda daga cikin awa biyar na barci da mutum yake da su.

Abinci kuwa, mai gudun da ya kai na matashinmu yana buƙatar sitaci da sukari kimanin giram 5 zuwa 7 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, wato wajen giram 360 idan aka ɗauki tsakiya. Abinci mai gina jiki kuma giram ɗaya da rabi a kan kowane kilo, wato wajen giram 90. Ba wanda cikinsa zai ɗauki wannan a zama ɗaya ya kuma yi barci, don haka sai a raba shi huɗu. Buɗa-bakin dabino da kunu da ayaba ya ba shi kusan kashi ɗaya cikin huɗu na sitacin. Bayan gudu, babban faranti na shinkafa da wake da yankan kifi ko nama kamar girman tafin hannu. Wannan ne zaman da ya fi kowane muhimmanci, domin a awannin farko bayan gudu tsoka ta fi saurin mayar da sukarin da ta ƙone. Kafin kwanciya, fura da nono: geron ya ba da sitaci, rabin lita na nono ya ba da furotin kimanin giram 16, ga ruwa a ciki. Ban san wani abin sha na kanti da ya fi wannan dacewa da ɗan gudu mai azumi ba, kuma kuɗinsa bai kai nasu ba. A sahur, tuwo da miyar kuka ko ta ganye, ko dafaffen dankali da ƙwai biyu, ko alale da kunu. Kowane ƙwai giram 6 ne na furotin. A guji sahur na burodi da shayi mai sukari zalla, domin yana saurin narkewa ya bar mutum da yunwa tun hantsi. A guji kuma kilishi da yaji mai yawa da abinci mai gishiri sosai a wannan lokaci, saboda ƙishirwar da za su tayar ba za a samu abin kashe ta ba.

Saura tambayar da ke damun duk wanda ya sha wahala ya gina ƙarfinsa: idan na rage gudu, ashe ba zan rasa abin da na tara ba? Akwai amsa mai kwantar da hankali daga binciken da Robert Hickson da abokan aikinsa suka yi a Amurka a shekarun 1980. Sun horar da mutane sati goma, sannan suka rage musu atisaye na tsawon sati goma sha biyar. Waɗanda aka rage wa yawan ranaku ko tsawon lokaci, amma aka bar musu zafin atisayen yadda yake, ƙarfin jikinsu na amfani da iska bai sauka ba. Waɗanda aka rage wa zafin atisayen su ne suka yi asara. Darasin ga mai azumi a fili yake: ya yanke kilomitoci, ya riƙe gudu mai zafi ko da sau ɗaya ne a sati. Matashinmu zai sauko daga kilomita 50 zuwa 30 ko 35 a satin farko, wanda shi ne mafi wuya domin jiki bai saba da sabon lokacin ci da barci ba, kuma a kwana uku na farko sassarfa kawai zai yi. A sati na biyu da na uku ya hau zuwa 35 ko 40: gudu mai zafi biyu da dare, sassarfar yamma biyu, dogon gudu ɗaya. A goman ƙarshe, lokacin tahajjud, barci ne ke ƙaranci fiye da komai, kuma ibadar waɗannan darare ita ce gaba. Kilomita 20 zuwa 25 cikin fita uku, ɗaya mai zafi amma gajere, ya isa ya riƙe masa abin da ya gina. Bayan Salla ya ba kansa sati ɗaya ko biyu yana hawa a hankali kafin ya koma 50.

Mutane sukan kawo misalin Sifan Hassan, 'yar tseren ƙasar Holan haifaffiyar Habasha, wadda ta yi shirin gudun fanfalaki na Landan cikin azumin 2023, ta kuma lashe shi ran 23 ga Afrilu, kwana biyu bayan Salla, a karonta na farko a wannan nisa. Labarin gaskiya ne, kuma ya nuna cewa azumi ba ya rushe ɗan gudu. Amma ita gudu ne sana'arta, tana da koci da masu kula da lafiyarta, kuma tana iya kwanciya da rana ta huta. Ita da ɗan kasuwar Kwari da ke tsaye tun safe cikin zafi ba ɗaya suke ba. A ɗaya gefen kuma akwai Mo Farah na Birtaniya, wanda gasar Olamfik ta Landan ta 2012 ta faɗo masa cikin Ramadan, ya jinkirta azuminsa zuwa bayan gasar, inda ya ci zinare a mita 5,000 da 10,000. Wannan hukunci ne da ke tsakanin mutum da malamansa, kuma ba hujja ba ce ga mai atisayen unguwa. Rangwamen da ya zo a Suratul Baƙara na maras lafiya ne da matafiyi. Atisaye ba uzurin ajiye azumi ba ne, saboda haka bai kamata mutum ya jefa kansa da gangan cikin halin da zai tilasta masa karyawa ba.

Abin da ya halatta na sanyaya jiki shi ne zuba ruwa a kai da wuya ko ɗora jiƙaƙƙen tawul, kuma ya zo a Muwaɗɗa ta Imam Malik cewa an ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana zuba ruwa a kansa yana azumi saboda ƙishirwa ko zafi. Kurkurar baki da ruwan sukari a tofar, wadda wasu 'yan wasa ke yi don samun kuzari, ban ga dalilin kusantarta ba. Mai haki ba ya iya tsare maƙogwaronsa, kuma a mazhabar Malikiyya idan ruwan kurkura ya wuce a azumin farilla sai an rama ranar. Mata masu gudu suna da wata dama: a kwanakin da ba sa azumi za su iya ci da sha da rana, don haka idan jiki ya yarda, nan ne wurin dogon gudu, tare da kula da abinci mai ƙara jini irin su hanta da wake da zogale.

Akwai alamun da ba a jayayya da su. Jiri ko duhun gani, sanyi da tashin tsigar jiki cikin zafi, bugun zuciya da ya ƙi sauka bayan an tsaya, duk suna nufin a tsaya nan take a nemi inuwa a jiƙa jiki. Idan abokin gudu ya fara tangaɗi, ko maganarsa ta rikice, ko bai san inda yake ba, zafi ya taɓa ƙwaƙwalwa, kuma wannan yana kisa. A kwantar da shi a inuwa, a yi ta kwara masa ruwan sanyi ana fifita, a garzaya da shi asibiti. Idan yana cikin hayyacinsa yana iya haɗiya a ba shi ruwa, domin ceton rai ya wajaba, azumin kuma a rama. Fitsari mai launin baƙin shayi tare da ciwon tsoka mai tsanani bayan gudu alama ce ta tsoka ta lalace tana cutar da ƙoda, shi ma na asibiti ne a ranar. Sannan a daina shan magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac a sahur don a ji daɗin gudu, domin a jikin da ruwa ya yi wa ƙaranci suna iya illata ƙoda, ga kuma gyambon ciki. Mai ciwon sukari, mai ciwon ƙoda, mai sikila, mai shan maganin hawan jini da ke sa yawan fitsari, da mai juna biyu ko shayarwa, kada ɗayansu ya haɗa azumi da gudu sai ya zauna da likita tun cikin Sha'aban.

Kira na ga masu horar da yara a filayen unguwanni da makarantu: ku ɗage atisaye mai zafi daga La'asar zuwa bayan asham, ku ajiye sikeli a bakin fili, ku auna kowane yaro kafin ya shiga da bayan ya fito. Wanda ya zo da giɓin jiya bai cike ba, ku zaunar da shi ranar.